Yadda ake rubuta sakamako da tushen kuskure a rahoton na'urar ƙirga ta filif-fulof

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin lantarki ne a shekara ta biyu. Mun haɗa na'urar ƙirga daga 0 zuwa 9 da filif-fulof huɗu, wato 74LS76 guda biyu. Ƙofar NAND ta 74LS00 ce ke mayar da ita sifili, 555 kuma ke ba ta bugu, da R1 = 10 kΩ, R2 = 68 kΩ, C = 10 µF. Abu uku ne suka dame mu. Bugu 60 sun ci sakan 68 maimakon kusan 61. Jefi-jefi idan ta kai 9 sai ta faɗa 4. Idan kuma muka cire 555 muka sa maɓalli, sai ta riƙa tsallake lambobi. Na rubuta cewa kuskuren ɗan Adam ne da rashin ingancin kayan aiki, malaminmu ya dawo mini da rahoton. Don Allah yaya ya kamata in rubuta wannan sashe?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Malaminka ya yi maka gata da ya dawo da takardar, domin kana riƙe da sakamako mai kyau ba ka sani ba. Na'urar da ta yi aiki sumul ba ta ba ɗalibi abin rubutawa sosai. Taka ta nuna halaye uku, kowanne da sababinsa daban, kuma kowanne za ka iya kama shi da hannunka a ɗakin gwaji cikin awa ɗaya. Abin da ake nema a wannan sashe shi ne duk sababin da ka ambata ya zo da shaidarsa: me ka gani, me ya jawo shi, girmansa nawa ne da lamba, kuma wane gwaji ka yi da ya tabbatar. Jimlar da ka rubuta ba ta da ko ɗaya daga ciki, kuma za ta zauna daidai a rahoton kowane gwaji, ko na injin niƙa ne. Shi ya sa ba ta samun maki.

Mu fara da bugun 555, shi ne mafi sauƙi, kuma a nan ne kaɗai ake maganar kashi cikin ɗari. Ƙa'idar ita ce:

```
f = 1.44 / ((R1 + 2*R2) * C)
f = 1.44 / (146000 * 0.00001) = 0.986 Hz
```

Abin da ka auna kuwa 60 ne a raba da 68, wato 0.882 Hz. Tazarar ta kai kashi 10.5 cikin ɗari, kuma ƙasa ta yi, ba sama ba. Ka rubuta wannan ma, don alkiblar kuskure tana ba da labari. Yanzu sai ka tambayi kanka: wa ke da ƙarfin da zai jawo kashi goma da rabi? Ɗauki hannunka tukuna, tunda shi ka ɗora wa laifi. Mai danna agogon waya yakan makara da kamar rubu'in sakan a farawa, da wani rubu'in a tsayawa. Ko duka biyun sun haɗu a gefe ɗaya, rabin sakan ne cikin 68, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ka ga da wannan lissafi na layi ɗaya ka wanke ɗan Adam, kuma wannan wankewar ita kanta sakamako ce da ta cancanci shiga rahoto.

Saura razista da kafasita. Razista mai zoben ruwan zinare a ƙarshe tana iya kaucewa da kashi biyar. Kafasita irin mai gwangwani, wadda masu gyaran rediyo ke ce wa kwandansa, yawanci kashi ashirin ake ba ta sama ko ƙasa. Idan duka suka karkata sama, bugun zai sauka har 0.78 Hz, idan suka karkata ƙasa, zai hau har 1.30 Hz. Naka 0.882 yana cikin wannan fili, saboda haka ba abin da ya lalace. Kayan sun yi abin da masana'anta ta yi alkawari ne. Kada ka tsaya a nan. Zare razistocin biyu daga allon gwaji ka auna su da mita. Idan sun fito kusa da abin da ke jikinsu, juya lissafin ka nemo C, za ka samu kusan 11.2 µF. Idan mitar ɗakin gwajinku tana auna kafasita, auna ka gani. Irin wannan kafasita kuma tana ɗan yoyon wuta, yoyon yana sa ta daɗe kafin ta cika, wato yana jan bugun ƙasa, daidai gefen da naka ya karkata.

Akwai kuskuren da nake yawan gani a rahotannin ɗalibai a daidai wannan wuri. Sai su rubuta cewa jinkirin filif-fulof ne ya rage saurin bugun. Ba haka ba ne. Filif-fulof ba ya taɓa saurin 555, karɓa kawai yake yi. Kuma jinkirinsa na nanosakan ne, alhali tazarar da ka gani ta sakan bakwai ce.

To mu zo ga babbar magana, faɗawa 4 bayan 9. A nan nake so ka daɗe, don a nan ne malami zai gane ko ka fahimci abin da ka haɗa.

Na'urarku irin wadda ake miƙa bugu hannu zuwa hannu ce. 555 yana buga filif-fulof na farko kaɗai. Q0, wato abin da na farkon ke fitarwa, shi ne ke buga na biyu, Q1 ya buga na uku, Q2 ya buga na huɗu. Kuma 74LS76 yana juyawa ne lokacin da bugun ƙafarsa ya sauko daga 1 zuwa 0. Riƙe wannan da kyau, duk bayanin a kansa yake. Ita na'urar a karan kanta har 15 take son zuwa. Kun tare ta ne da ƙofar NAND da ke kallon Q1 da Q3: da zarar duka biyun sun zama 1, wato lamba goma, 1010, sai ƙofar ta ja ƙafafun CLR na sharewa ƙasa, komai ya koma sifili. Ma'ana dole na'urar ta taka goma na ɗan lokaci kafin a kore ta. Ido ba ya gani, amma tana takawa.

Mu bi ta a hankali da lokutan da takardar bayanin aisi ke bayarwa. Filif-fulof na 74LS76A yana ɗaukar kamar nanosakan 15 kafin ya amsa, iyakarsa 20. Ƙofar 74LS00 kamar 10, iyakarta 15.

```
t = 0 ns    CLK  1 -> 0     Q3..Q0 = 1001
t = 15 ns   Q0   1 -> 0     1000
t = 30 ns   Q1   0 -> 1     1010
t = 40 ns   CLR  1 -> 0
t = 55 ns   Q1, Q3 -> 0     0000
t = 65 ns   CLR  0 -> 1
```

Dubi layi na biyar. Q1 ya sauko daga 1 zuwa 0. Shi filif-fulof na uku bai san dalilin saukowar ba, ko ƙirga ce ko sharewa, a wurinsa bugu ne kawai. Abin da ke hana shi juyawa shi ne har yanzu CLR ɗinsa yana ƙasa, an riƙe masa hannu. Amma riƙon nanosakan goma kacal ya rage masa. Yanzu a ce Q3 ya riga Q1 sauka. Ƙofar NAND ba ta jiran duka biyun, da ɗaya ya sauka za ta saki CLR. Idan Q1 ya yi nawa har sakin ya riga shi, saukarsa za ta tarar da na uku a sake, sai Q2 ya zama 1. Q2 kaɗai a kunne shi ne 0100, wato 4. Ka ga ashe ba lambar banza ta faɗa ba. Lissafi ne ya kai ta can, kuma da a ce Q3 ne ya ƙi sharewa, 8 za ka gani.

Ka lura kuma da faɗin bugun sharewar: daga 40 zuwa 65, nanosakan 25 ke nan, kuma kusan abin da aisin ke buƙata ke nan a matsayin mafi ƙaranci. Ginin a bakin gaɓa yake tsaye tun daga zane. Wannan shi ya bayyana kalmarka ta jefi-jefi. Da a ce kullum 4 take faɗawa, da sai in ce maka je ka duba, ba ku haɗa CLR na filif-fulof na uku ba, domin ɗalibai da yawa na biyu da na huɗu kawai suke sharewa, suna ganin sauran ai sifili suke. Duk da haka fara da wannan dubawar. Ramukan allon gwaji da ya sha hannu suna saki, ga ƙurar hunturu tana shiga, waya ɗaya mai taɓawa tana barin taɓawa za ta ba ka wannan hali sak. Kashe wuta, sa mita a kan ƙara, bi daga ƙafar NAND zuwa CLR huɗun ɗaya bayan ɗaya, kana ɗan girgiza wayar.

Idan wayoyin lafiya suke, tambaya ta gaba ita ce me ke sa Q1 nawa ko ya sa ƙofar saurin saki. Abu biyu na fi zargi. Na farko fitilun da kuka rataya a kan Q. Irin wannan aisi yana da ƙarfin shanye wuta idan yana 0, har 8 mA, amma idan yana 1 abin da aka yarje masa ya bayar 0.4 mA ne kawai. Idan aka ɗora fitila kai tsaye daga Q zuwa GND ba razista, sai ta danne Q zuwa wajen bolt 2. Ita kuwa ƙofar da ke karanta shi, bolt 2.0 ne mafi ƙarancin abin da ta tabbata za ta kira 1. Ɗora mita a kan Q1 da Q3 lokacin da suke kunne. Lafiyayyen 1 bai kamata ya gaza bolt 2.7 ba. Idan ka ga 2.0 ko 2.1, ka rubuta lambar, ka zare fitilun, ka sake aunawa. Na biyu shi ne layin wuta. Duk lokacin da 555 ya juya yakan fizgi wuta mai yawa na ɗan ƙiftawa, a daidai lokacin da filif-fulof ɗin ma suke juyawa. Maganinsa ƙaramar kafasita mai lamba 104, wato 0.1 µF, a gindin kowane aisi tsakanin ƙafar wuta da GND. Ka kula, a 74LS76 ƙafar wuta ita ce ta 5, GND kuma ta 13, ba a kusurwa suke ba kamar na 74LS00. Ka auna wutar a jikin ƙafar aisin, ba a bakin na'urar da ke bayarwa ba. Dole ta kasance tsakanin bolt 4.75 da 5.25. Idan cajar waya kuka yanke kuka yi amfani da ita, wannan awon wajibi ne. Ƙafafun J, K da PRE ma kada a bar su a iska. Ƙafar da aka bari takan zama kamar 1, shi ya sa abin yake aiki har mutum ya sakankance, amma tana kwasar hayaniya.

Yaya za ka mayar da jefi-jefi ya zama lamba? Da bugu ɗaya a sakan, zagaye hamsin zai ci maka kusan minti goma, kuma yana yiwuwa: zauna da biro, duk zagayen da ta faɗa 4 ka ja layi. Idan akwai osiloskof, akwai hanya mafi kyau. Musanya kafasitar 555 da 0.01 µF, bugun zai koma kusan 1 kHz. Ɗora tsinken a kan Q3. Idan ƙirga tana daidai, Q3 zai hau sau ɗaya a kowane bugu goma, wato kusan milisakan 10, ya zauna sama na bugu biyu kacal, 8 da 9. Duk zagayen da ya fara daga 4, tazarar za ta gajarce zuwa bugu shida. Za ka ga dogo da gajere a gauraye a kan gilashin. Ɗauki hotonsa da waya ka manna a rahoto. Shi ɗan siririn bugun sharewa kuwa, osiloskof mai 20 MHz da ƙyar zai nuna shi, zai fito a daƙushe kamar ɗan tudu. Idan haka ka gani, ka faɗa cewa iyakar na'urar awo ce, kada ka ƙaƙaba masa faɗin da ba ka iya karantawa ba.

Gwajin da zai rufe bakin kowa shi ne ka tsawaita sharewar. 74LS00 yana da ƙofa huɗu, ɗaya kawai kuka yi amfani da ita. Ɗauki biyu, haɗe ƙafafun shigar kowace wuri guda don ta zama mai juyawa, jera su bayan ta farko kafin CLR. Juyi biyu ya mayar da saƙon yadda yake, sai dai ya ƙara jinkirin kamar nanosakan 20. Yanzu CLR zai zauna ƙasa kamar nanosakan 45, kuma ba zai saki ba sai Q1 ya daɗe da sauka. Sake ƙirga zagaye hamsin. Idan 4 ta ɓace, ka kama ɓarawon da kaya a hannu. Sharaɗi ɗaya: canji ɗaya a lokaci ɗaya. Idan ka sa 104, ka zare fitilu, ka ƙara ƙofofi duk a tashi guda, na'urar za ta gyaru amma ba za ka iya cewa wanne ne ya gyara ta ba.

Maganar maɓalli ba ta da tsawo. Ƙarafan da ke cikinsa ba sa haɗuwa sau ɗaya su zauna. Suna karo su rabu su sake karo na 'yan milisakan kafin su natsu, a dannawa da kuma a saki. Ga aisin da ke amsawa cikin nanosakan 15, milisakan ɗaya dogon zamani ne, kowane karo bugu ne cikakke. Saboda haka na'urar ba ta tsallake komai ba. Ta ƙirga duk abin da aka ba ta, idonka ne ya ga ta ƙarshe kawai. Ka gyara wannan kalma a rahotonka, domin tana canza wanda ake tuhuma: laifin na shigarwa ne, ba na ƙirga ba. Shaidarka kuwa tana hannunka tun tuni, tunda da 555 ba ta yin haka. Danna sau ashirin, rubuta nawa ta ƙaru a kowace dannawa. Za ka ga ƙarin ba shi da tsari, yau biyu gobe biyar, saɓanin matsalar 9 da duk lokacin da ta faru 4 take zuwa. Wannan bambanci tsakanin kuskure mai tsari da marar tsari ya cancanci jimla guda a rahoto. Magani shi ne makunni mai ƙafa uku da ƙofar NAND biyu da aka sarƙe da juna, ko razista da kafasita a gaban 74LS14. Idan ka riga ka cinye ƙofa uku a sharewa, sai ka ƙaro wani 74LS00.

Shi jinkirin miƙa bugu, ka ba shi wurinsa amma kada ka kumbura shi. Daga 7 zuwa 8 na'urar tana ratsa 6, 4 da 0 kafin ta zauna, don filif-fulof huɗun bi da bi suke juyawa. Mafi munin lokaci 4 sau 20 ne, nanosakan 80, wanda ke nuna ba za a dogara da karatunta ba idan bugu ya doshi 12.5 MHz. A bugu ɗaya cikin sakan, wannan ba ya shafar abin da ido ke gani. Sai ka rubuta shi a matsayin iyakar zanen, tare da cewa na'urar da duk filif-fulof ɗinta ke karɓar bugu ɗaya a tare ba ta da wannan ratse, kuma ana iya tsara ta ta koma sifili ba tare da ta taka goma ba.

Wajen jerawa, sa jadawali tukuna: lambar bugu, abin da ake tsammani a Q3 zuwa Q0, da abin da aka gani. Kada ka goge layin 4 don jadawalin ya yi kyau. Bayan jadawali sai awon bugu da lissafinsa, sannan bayanin kowace matsala. Ka raba abin da ka gwada da abin da kake zato: wanda ka gwada ka ce an tabbatar, wanda ba ka samu gwadawa ba ka ce mai yiwuwa ne, ka faɗi gwajin da zai raba gardama. Ga misalin yadda sakin layi ɗaya zai kasance, guraben kuma kai za ka cike su da abin da ka auna da kanka:

"A zagaye 50 da aka lura da su, na'urar ta koma 0000 bayan 1001 sau …, ta faɗa 0100 sau …. Ba a ga wata lamba daban ba. An bi wayoyin CLR huɗu da mita, duk a haɗe suke. Lissafi daga takardar bayanin aisi ya nuna bugun sharewa bai wuce kamar nanosakan 25 ba, kuma saukar Q1 a lokacin sharewa tana iya buga filif-fulof na uku idan CLR ya riga ya saki. Da aka ƙara ƙofar NAND biyu a layin CLR ba tare da taɓa komai ba, an sake zagaye 50, an ga 0100 sau …."

Idan ka je ɗakin gwaji gobe, tafi da 104 guda huɗu, da razista 330 Ω guda huɗu don fitilun, da ƙarin 74LS00 ɗaya. Fara ƙirga zagaye hamsin ɗin kafin ka taɓa ko waya ɗaya, don wannan lambar ta farko ita za ka gwada duk sauran da ita. Allah ya ba da sa'a.